Retinol da ranar Katsina: yadda na bi da shi har tabon fuskata ya dusashe

Ƙurajen fuska ba su taɓa damuna kamar tabon da suke bari ba. Ƙurji zai fito a haɓa ko a kumatu, ya yi mako guda ya mutu, amma baƙin da ya bari sai ya kwashe watanni yana nan, kafin ya dusashe wani ya fito a gefensa. Ni malamar makaranta ce a nan Katsina, muna zaune ta wajen Ƙofar Ƙaura, kuma fatata baƙa ce sosai. Da na haura shekara talatin sai na ga gefen fuskata ya cika da ɗige-ɗigen da hoda ba ta iya rufewa. Wannan ne ya kai ni wurin likitar fata cikin damina, watan Agusta.

Kafin ta ambaci wani magani sai da ta yi mini tambayoyi biyu. Ta ce, "Malama, kina da juna biyu, ko kina neman samu a kwanan nan?" Na ce a'a, autana ya shekara uku, kuma muna hutawa. Ta ce, "Kin taɓa shafa man bilicin, ko haɗin da ake sayarwa a roba babu suna?" Na ce ban taɓa ba. Sai ta ce to za a iya farawa da retinol, wani maganin shafawa a fata. Dalilin tambayar farko shi ne, duk dangin retinol ba a son mai ciki ta shafa su. Akwai wani ɗan'uwansa na sha, isotiretinoyin, wanda aka tabbatar yana nakasa ɗan tayi. Na shafawa kaɗan ne yake shiga jini, amma likitoci sun zaɓi a bar shi gaba ɗaya, don ba abin da za a yi kasada da shi ba ne saboda tabo. Tambaya ta biyu kuwa, man bilicin da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wanda yake sa fata ta yi siriri ta kasa jure komai. Mai irin wannan fata sai an fara jinyar ɓarnar tukuna.

Retinol wani nau'i ne na bitamin A. Abin da ya fi ba ni mamaki a bayanin likita shi ne, shi kansa ba shi yake aikin ba. Idan aka shafa shi, ƙwayoyin fata suna juya shi zuwa wani sinadari, retinal, sannan su sake juya wannan zuwa asid ɗin retinoyik. Asid ɗin nan shi ne yake shiga tsakiyar ƙwayar fata ya canza umarnin da take bi. Shi ya sa retinol ya fi sauƙi a fata: sai ya bi matakai biyu, kuma ɗan kaɗan ne yake kaiwa ƙarshe. Tiretinoyin, wanda likita ke rubutawa, shi asid ɗin ne tsantsa, babu jiran juyi. Tun 1971 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin maganin ƙuraje, kuma ƙarfinsa ya sa ake sayar da shi da kashi 0.025 ko 0.05 ko 0.1 cikin ɗari, alhali retinol yana kaiwa har kashi 1. Don haka kada mutum ya ga lamba ƙarama a jikin tiretinoyin ya ɗauka mai sauƙi ne.

Umarnin da asid ɗin yake canzawa ya shafi yadda fata ke sabunta kanta. A ƙasan fata ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa hawowa sama a hankali, su mutu, su zama ɓawon da ke kare mu, daga baya su zube. Wannan tafiya tana ɗaukar kamar mako huɗu ga matashi, kuma tana ƙara tsawo da shekaru. Retinol yana hanzarta ta, yana kuma hana matattun ƙwayoyi manne wa juna a bakin ramin gashi, inda toshewa ke zama ƙurji. Tabon da ke damuna kuwa melanin ne, wato sinadarin launin fata, da ya taru wuri ɗaya bayan kumburi. Idan ƙwayoyin da suka ɗauke shi suka hau da sauri suka zube, tabon sai ya riƙa dusashewa. Can ƙasa kuma yana ƙara yin kolajin, abin da ke riƙe fata kada ta yamutse, sai dai wannan aikin na watanni ne masu yawa, kuma ba shi ya kai ni ba.

Likita ta rubuta mini retinol mai kashi 0.3 cikin ɗari. Na ce, "Likita, na ga ana sayar da mai kashi 1, ba zai fi sauri ba?" Ta girgiza kai ta ce, "Malama, fatarki duk abin da ya ɓata mata rai da baƙi take ramawa. Ƙurji ya sa ta kumbura ta yi baƙi. In maganin ya ƙona ta, nan ma baƙin za ta yi, kuma a wuri mai faɗi." A kan wannan magana na gina duk abin da na yi bayan nan. Farin mutum idan retinol ya ƙona shi zai yi ja, ya yi saɓa, ya warke. Mu kuwa kumburin yana zaburar da ƙwayoyin da ke yin melanin, sai a tashi da tabon da ya fi wanda ake magani. Saurin da mutum yake nema shi zai mayar da shi baya da wata shida.

Na saya a famasi mai sanyi a ciki, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Retinol ba ya son haske, ba ya son iska, ba ya son zafi. Wanda yake cikin bututu ko kwalba mai famfo da haske ba ya ratsawa ya fi na gwangwani mai buɗaɗɗen baki da ake tsoma yatsa. Wanda ya wuni a kan tebur a rana cikin kasuwa kuwa, ko da na gaske ne, ƙarfinsa ya riga ya ragu. A gida ina ajiye nawa cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi, kuma ina duba launinsa, domin in ya rikiɗe ya yi duhu ko ya canza wari to ya tashi aiki.

Kafin in kai shi fuska na gwada ɗan kaɗan a ƙarƙashin muƙamuƙi, na bar shi kwana biyu, ban ga kumburi ko ƙaiƙayi ba. Daga nan tsarin ya fara: dare biyu a mako, Litinin da Alhamis, bayan sallar Isha, lokacin da na san ba zan sake wanke fuska ba sai Asuba. Ina wanke fuska da sabulun ruwa mai sauƙi mara turare, in goge, sannan in jira kamar minti ashirin ta bushe sarai. Jiran nan yana da dalili, domin jiƙaƙƙiyar fata tana shan magani da sauri fiye da yadda za ta iya jurewa. Sai in matso kamar ƙwayar wake guda, ita ce ta fuska duka, in ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, in baza. Ba a kan tabo kaɗai ake ɗorawa ba, saboda ana so a hana sababbin ƙuraje fitowa a ko'ina. Wurare uku nake tsallakewa: fatar ido, lungun hanci, da gefen baki. Nan fata ta fi siriri kuma magani yana taruwa a ciki, don haka ina fara shafa musu ɗan basilin su tsira.

A watan farko ina sa man shafawa mara turare kafin retinol, in jira ya shiga, in shafa retinol, in sake rufewa da man. Wannan yana rage kaifinsa ba tare da ya hana shi aiki ba. A sauran darare man kawai nake shafawa. Mai gilisarin a ciki na samu, kuma ya wadatar.

Abubuwan da na ajiye sun fi wanda na ƙara yawa. Sabulun salo, wanda na tashi da shi, na daina kai shi fuska, saboda yana da kaifin toka kuma yana kwashe maiƙon fata. Na bar soso, na bar goge fuska da lemon tsami da suga, na bar dilka a fuska. Duk waɗannan cire ɓawon sama suke yi, retinol ma shi yake yi, in aka haɗa biyu sai fata ta rasa abin rufa.

Mako biyu na farko ban ji komai ba, har na fara tunanin ko maganin na aiki. A na uku sai gefen bakina ya yi fari-fari yana ɗan saɓa, kumatu kuma suna ɗaurewa bayan wanka. Wannan shi ne lokacin sabo, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida. Ɓawon saman fata kamar katangar ƙasa yake, ƙwayoyi su ne tubalan, maiƙo kuma shi ne yaɓen da ya riƙe su. Da retinol ya hanzarta aikin, ana jera tubali da sauri kafin yaɓe ya ishe su, sai ruwa ya riƙa tserewa ta tsakani, abin waje kuma ya samu hanyar shiga. Da lokaci fata takan daidaita, har sashen da ke da rai a ƙasa ya ƙara kauri. Masu cewa retinol yana cinye fata wannan matakin suka gani suka tsaya.

Abin da ya fi wuya shi ne gane iyaka tsakanin sabo da ƙuna, domin a baƙar fata ba a ganin ja. Madubi ba ya gaya mini komai da wuri. Ruwan alwala ne ya zama ma'aunina. In na watsa ruwa a fuska da Asuba na ji daidai, to komai lafiya ko da akwai 'yar saɓa. In kuwa ruwan kawai ya sa na ji raɗaɗi, ko man da na saba shafawa ya fara yi mini zafi, to katangar ta tsage, sai in tsallake daren da ke tafe. Sauran alamun su ne fata ta yi wani sheƙi kamar an ja ta, ko ta yi toka-toka, ko ƙaiƙayi, ko wani sashe ya fara duhu wanda da ba shi da tabo. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, kuma ganinsa na nufin a dakata gaba ɗaya, a koma man shafawa da kariyar rana har sai ruwa ya daina zafi, sannan a sake farawa daga dare biyu. Kumburin ido ko leɓe, ko ƙuraje masu ruwa, wannan ba na jira ba ne, na komawa asibiti ne.

A cikin watan farko kuma ƙananan ƙuraje sun ƙaru mini a haɓa. Likita ta riga ta faɗa mini: toshewar da ke ɓoye a ƙasa ce take fitowa da wuri. Ana gane ta da cewa a wuraren da aka saba samun ƙurji take fitowa, tana saurin mutuwa, kuma tana lafawa cikin mako shida zuwa takwas. In ƙuraje suka ɓulla a inda ba a taɓa samu ba, ko suka wuce wata biyu suna ƙaruwa, to man bai karɓi mutum ba. Ban matse ko ɗaya ba, don matsa shi ne mafarin tabo.

Da na kwashe mako biyu cur ruwa bai yi mini zafi ba, na ƙara zuwa dare uku a mako. Bayan wata guda a haka na koma dare ɗaya in shafa, dare ɗaya in huta. Ƙa'idar da na bi ita ce abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda: in na ƙara yawan darare, ba na ƙara yawan man, ba na cire man da nake sawa a ƙasa. Ta haka in wani abu ya faru na san mafarinsa.

Maganar rana kuwa, ita ce ta fi cin ƙarfina, kuma ita na fi so a ji. Mu a nan mun taso da cewa baƙin mutum rana ba ta ƙona shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Melanin yana tare wani kaso na hasken da ke ƙona fata, har ana ƙiyasta kariyar baƙar fata da kusan SPF 13, a ma'aunin da ake auna ƙarfin man kariyar rana da shi. Amma yadda yake kare mu ɗin shi ne matsalar mai tabo: duk lokacin da rana ta taɓa fata, ƙwayoyin melanin suna ƙara aiki, kuma waɗanda ke wurin tabo sun riga sun zaburo, su suka fi saurin amsawa. Da dare retinol yana fitar da baƙin, da rana hasken yana zuba sabo, tufka da warwara ke nan. Wanda ke shafa retinol babu kariya zai iya shekara yana cewa maganin jabu ne.

Akwai ƙarin dalilai da suka shafi maganin kansa. A watannin farko ɓawon sama ya ragu kuma katangar ba ta gama gyaruwa ba, don haka ranar da fuska ta saba jurewa yanzu tana iya sa ta raɗaɗi da kumburi, kumburi kuwa mun san abin da yake haifarwa. Sannan hasken rana yana tayar da sinadaran da ke farfasa kolajin, waɗanda retinol ke ƙoƙarin dannewa. Shi kansa retinol haske yana lalata shi, wanda ya sa ake shafa shi da dare.

Katsina tana kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa kusan a tsakar ka yawancin shekara, kuma ta fi kaifi daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma. Hasken rana da ido ba ya gani mai cutar da fata iri biyu ne. UVB shi ne mai ƙuna, shi lambar SPF take aunawa: SPF 30 yana tare kamar kashi 97 cikin ɗari, SPF 50 kamar kashi 98. UVA kuwa ya fi shiga ciki, yana ratsa gajimare da gilashin taga, kuma yana da babban hannu wajen duhun tabo. Saboda haka ban tsaya ga lamba ba, na nemi sanskirin, wato man kariyar rana, wanda aka rubuta UVA a jikinsa ko alamar PA+++. Hadarin damina da hazon hunturu suna rage zafin da ake ji, amma ba su zama dalilin barin man ba.

Neman sanskirin ɗin da zai zauna a fuskata ya ɗan ba ni wahala. Masu sinadarin zinki da yawa suna barin fari a baƙar fata, fuska ta yi furu-furu, kuma ba wadda za ta shiga aji a haka. Na koma mai ɗan launin ƙasa-ƙasa, wanda likita ta ce ya ma fi dacewa da ni, domin launin daga sinadarin ƙarfe yake, kuma yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a fata irin tamu. Yawan da ake shafawa shi ne inda mutane da yawa ke yin asara. Awon da aka ba ni shi ne a ja layin man a tsawon yatsa biyu, manuniya da na tsakiya, wannan na fuska da wuya ne. Wanda ya shafa rabin haka ba zai samu kariyar da aka rubuta a kwalbar ba. Abin da tsada, ba zan ɓoye ba, sanskirin ya fi retinol cin kuɗina nesa ba kusa ba, domin bututun retinol yana kai ni watanni, shi kuwa kullum ne. In da kuɗin ɗaya kawai nake da shi, sanskirin zan saya in bar retinol.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sake shafawa duk bayan awa biyu in ana waje, da kuma bayan gumi ko wanke fuska. Wanda ya tsara ta bai yi lissafi da mai wanke fuska sau uku a kowace alwala ba, don haka na ɗaura nawa tsarin a kan lokutan salla. Da safe bayan wanka in sa man shafawa, in sa sanskirin kamar minti goma sha biyar kafin in fita, shi zai riƙe ni a hanya da tsayuwar asambili. In ranar ina da aikin tsakar fili ko na yi gumi sosai, ina ƙarawa lokacin tara. Da Azahar ina wanke shi tas kafin alwala don ruwa ya taɓa fata babu shamaki, in idar da salla in sake shafawa, domin dawowa gida a keke napep tsakanin ƙarfe biyu da uku ita ce ranar da ta fi dukana. Bayan La'asar ina sakewa ne kawai in zan fita unguwa ko kasuwa. Ƙaramar kwalba tana zaune a jakata tare da carbi.

Yawan wankin nan yana busar da fatar da ke kan retinol, don haka in ban da safe da dare ba na sa sabulu sai in man ya ƙi fita, kuma ina dangwala tawul ne, ba na gurzawa. Hijabi yana rufe wuya da kunne amma ya bar goshi da hanci da kumatu, daidai inda tabon yake. Niƙabi mai kauri yana taimakawa, siriri kuwa haske na ratsa shi. Na sayi lema, ina kuma bin gefen inuwa in ina tafiya, kuma na matsar da teburina daga bakin taga a ofishin malamai.

A wata na uku na fara ganin bambanci. Sababbin ƙuraje suka ragu ƙwarai, tabban da ba su daɗe ba suka yi haske, tsofaffin na gefen muƙamuƙi kuwa suna nan. Ina ɗaukar hoton fuskata sau ɗaya a wata a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, saboda mai kallon madubi kullum ba ya ganin canjin da ke tafiya a hankali.

Sai hunturu ya shigo a Nuwamba. Iskar nan mai tsaga leɓe da dunduniya ta sami fuskar da take dare ɗaya shafa dare ɗaya hutu, cikin 'yan kwanaki ruwan Asuba ya fara yi mini raɗaɗi, gefen hancina ya yi toka-toka. Na dakata har zafin ya tafi, na koma dare biyu a mako, na dawo da sa man a ƙasa da sama, na ƙara ɗan man kaɗanya a wuraren da suka fi bushewa. Ruwan wanka mai zafi sosai ma na daina kai shi fuska, sai mai ɗumi. A haka na zauna har ƙarshen Fabrairu. Likita da na koma ta ce dalilin da ya sa ta so in fara da damina ke nan, don fata ta saba kafin iska ta bushe. Wanda zai fara a Disamba, in ji ta, gara ya fara da dare ɗaya a mako ko ya jira.

A cikin hunturun ne kuma na ga abin da gaggawa ke yi. Wata ƙanwata, ɗiyar kawuna, ana saura wata guda bikinta ta sayi tiretinoyin a kemis ba tare da ganin likita ba, tana shafawa kowane dare. Da aka zo gyaran jiki aka yi mata halawa a gefen fuska da saman leɓe, sai halawar ta taso da fatar. Ta kira ni tana kuka, "Yaya, fuskata ta saluɓe." Na kai ta asibiti, aka tsayar da komai, aka bar ta da basilin da kariyar rana. Ciwon ya warke kafin ɗaurin aure, amma shatinsa baƙi ya ɗauki watanni. Mai gyaran jikin ba ta san tana shafa wani abu ba, ita kuma ba ta san ya kamata ta faɗa ba. Duk mai shafa dangin retinol ta dakatar da shi aƙalla mako guda kafin halawa ko dilka a fuska, mai tiretinoyin ma ta tambayi likita ko za ta ƙara. Amarya kuwa, in saura ƙasa da wata uku, ba lokacin farawa ba ne, domin bikin zai iya faɗawa tsakiyar saɓa da fitowar ƙuraje. Ga kuma maganar ciki da ke iya biyo bayan aure.

Bazara ta zo da tata matsalar. A Afrilu zafi yana haura digiri 40, gumi yana wanke sanskirin ya kai shi ido ya yi ta yaji. Na koma mai ruwa-ruwa wanda ba ya saurin bin gumi, na daina kai shi dab da ido, ina ɗora hoda kaɗan a goshi don ta riƙe shi. Man shafawa mai nauyi na ajiye shi da safe. Retinol kuma ya koma dare ɗaya shafa dare ɗaya hutu ba tare da wata damuwa ba.

Bayan kamar wata takwas da farawa, yawancin tabban sun dusashe har hoda kaɗan tana rufe su. Launin fatata bai canza ba, baƙata tana nan yadda take, abin da ya canza shi ne ta zama iri ɗaya. Ina faɗar haka ne saboda wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko man yana sa fari. Ba ya sa wa, yana kwashe rarar da ta taru ne kawai. Akwai tabo biyu masu duhun toka a muƙamuƙina da ba su motsa sosai ba. Likita ta ce irin waɗannan launin ya nutse zuwa sashen ƙasa na fata, inda sabuntawar sama ba ta kaiwa, kuma suna iya ɗaukar shekaru. Ramukan da tsofaffin ƙuraje suka bari su ma retinol ba ya cike su. Mai manyan ƙuraje masu ciwo a ƙarƙashin fata ma ba wannan ne maganinsa ba, yana buƙatar abin da ya fi ƙarfi daga hannun likita.

Ban ƙara ƙarfin maganin ba, ina nan a kashi 0.3, kuma ban kai ga shafawa kowane dare ba, tun da abin da nake nema yana samuwa a haka. In aka daina gaba ɗaya fata tana komawa tafiyarta ta da a hankali, don haka ana ci gaba da shi ne ko da dare biyu ko uku a mako. Mun yi magana da maigida kan ƙarin haihuwa baɗi in Allah ya yarda, na kuma gaya wa likita. Ta ce in ajiye retinol tun kafin mu fara nema, za ta sauya mini da asid ɗin azelayik wanda ake bai wa masu ciki, sanskirin kuma in ƙara riƙe shi da kyau, domin ciki da kansa yana tayar da duhu a goshi da kumatu.